Rariya a Wurin Gini: Yadda Girman Yashi da Tsakuwa Ke Raya Kankare ko Kashe Shi

Duk wanda ya taɓa zama kusa da ma'auna a kasuwar hatsi ya san cewa mudun gyaɗa ɗaya da mudun gero ɗaya, in aka zuba su a ƙwarya guda aka girgiza, ba za su sake cika mudu biyu ba. Ba wanda ya saci komai. Geron ne ya sulale ya shige tsakanin 'ya'yan gyaɗar, ya zauna a guraben da a da iska ce kawai a cikinsu. Kayan sun ragu a ido, amma mudu ɗaya na haɗin ya fi mudun gyaɗa zalla nauyi.

Irin wannan raguwa tana faruwa kullum a wurin gini, kuma ta sha haɗa mai gida da birkila faɗa. Ɗauki haɗin da aka fi sani a wajen zuba ginshiƙi da dakin, wato 1:2:4. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon sarki biyu, saboda haka ana sa masa kwano huɗu na yashi da kwano takwas na tsakuwa. Jimla kwano goma sha huɗu ke nan, ga kuma ruwa fiye da jarka guda. Amma in aka kwaɓa aka zuba aka daddale, abin da zai fito bai wuce kwano tara ba, ko kusa da haka. Kwano biyar sun ɓace, ruwan ma ya ɓace. Yashi ya shiga tsakanin tsakuwa, siminti da ruwa sun shiga tsakanin yashi. Wannan ɓacewar ita ake nema. Kankaren da kayansa ba su shige cikin juna haka ba, shi ne abin tsoro.

Mutane da yawa suna ɗaukar yashi da tsakuwa a matsayin ciko kawai, abin da ake ƙarawa don kada siminti ya ƙare da wuri. Shi ya sa za ka ga mai gini ya tsaya kai da fata a kan sunan kamfanin simintin da za a sayo, amma yashi sai ya ce wa direban tifa, "Kawo duk wanda ya fi sauƙi." Alhali yashi da tsakuwa su ne kusan kashi saba'in cikin ɗari na jikin kankare. Kuma su ne ke yanke hukuncin yawan ruwan da kwaɓin zai nema, wanda shi ne ainihin abin da ƙarfin kankare ya rataya a kansa.

Gurbi ba ya bin girman dutse

Akwai wani gwaji da kowa zai iya yi da bokitin fenti mai lita 20. Cika shi da tsakuwar inji mai girma ɗaya, irin wadda magina ke kira tirikwata, mai kimanin milimita 20. Share bakinsa daidai, sannan ka riƙa zuba ruwa da kwalba mai awo har ya kawo baki. Zai sha lita takwas zuwa tara. Wato bokitin da kake gani cike da dutse, fiye da kashi arba'in cikin ɗari nasa fanko ne.

Yanzu sai mutum ya ce, to ai don duwatsun manya ne. Bari a sa ƙanana. Juye, ka cika da tsakuwa mai milimita 10, ita ma kai ɗaya. Zuba ruwa. Abin mamaki, zai sha kusan lita takwas zuwa taran nan dai. Guraben sun ƙanƙance, amma sun ƙaru a yawa, jimlarsu kuma ba ta canja ba. Ko da lemo aka cika bokitin, ko da goro, ko da gero, muddin ƙwayoyin kai ɗaya ne, fankon yana nan wajejen kashi arba'in. Masana lissafi sun tabbatar da cewa ko da mutum ya zauna ya jera ƙwallaye masu girma ɗaya da hannu, ɗaya bayan ɗaya, a tsari mafi matsewa da zai yiwu, sai kashi 26 cikin ɗari ya rage fanko. Tifa kuwa ba ta jera kaya, juyewa take yi.

Hanya ɗaya ce ta rage gurbin nan, ita ce a sa ƙanana a cikin guraben manya, a sa waɗanda suka fi su ƙanƙanta a guraben da suka rage, a yi ta sauka haka har a kai ga garin siminti. Koma kan bokitinka. In ka gauraya tsakuwar da busasshen yashi mai kyau, kimanin kashi biyu na tsakuwa da ɗaya na yashi, ka cika bokitin ka jijjiga, fankon zai sauko zuwa wajejen kwata. Ba sai ka auna da ruwa ba, sikeli zai gaya maka: bokitin tsakuwa zalla yana yin kilo 30 ko kusa, na haɗin kuwa yana kai wa kilo 40. Bokiti ɗaya ne, dutse ya ƙaru da kilo goma.

Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda duk gurbin da dutse bai cike ba, kunun siminti ne zai cike shi, wato siminti da ruwa. Kunun nan shi ne mafi tsada a cikin haɗin. Shi ne kuma ke tsukewa idan ya bushe, har ya ja tsaga. Shi ke fitar da zafi lokacin da yake kamawa. Ruwa da gishiri ta cikinsa suke bi su iske rodi. Dutse ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Don haka kankare mai kyau shi ne wanda dutse ya cika shi iyakar iyawa, kunu kuma ya isa ya lulluɓe kowace ƙwaya ya cike sauran gurbi, da ɗan ƙari kaɗan don kwaɓin ya yi santsi.

Ba kowane ƙarami ne ke shiga gurbin babba ba, kuma a nan ne lissafin kan takarda ke rabuwa da abin da ke faruwa a bokiti. In ka haɗa ƙwallaye uku suna taɓa juna, ƙofar da ke tsakaninsu ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin bakwai na faɗin ƙwallo ɗaya ba. Ƙwayar da ta fi haka girma ba za ta ratsa ba. In kuma ta samu kanta a tsakani lokacin kwaɓi, kuma ta fi gurbin girma, sai ta ture manyan ta raba su, kamar baƙon da ya kutsa tsakiyar benci. Shi ya sa fankon haɗin bai taɓa saukowa ƙasa kamar yadda lissafi ya nuna ba, shi ya sa kuma yawan kowane girma ke da muhimmanci, ba samuwarsa kawai ba.

Rariya shida da kilo ɗaya na yashi

Yadda ake gane jerin girman yashi ba shi da bambanci da tankaɗen gari, sai dai rariyar ba ɗaya ba ce. A ɗakin gwajin kayan gini ana ɗora rariyoyin ƙarfe a kan juna, mai manyan idanu a sama, kowace ta ƙasa kuma idonta rabin na wadda ke samanta. Ta farko a wajen yashi tana da ido milimita 4.75, kuma ita ce iyaka: abin da ya tsaya a kanta tsakuwa ne, abin da ya wuce yashi ne. Sai 2.36, sai 1.18, sai 0.6, sai 0.3, sai 0.15, sannan faranti a ƙasa mai tare ƙura. A busar da yashin sarai, a auna kilo ɗaya, a zuba a sama, a jijjiga na wasu mintuna, sannan a auna abin da ya tsaya a kan kowace rariya.

Bari mu ɗauki misalin yashi biyu. Na farko irin na tsakiyar kogi ne, wanda in ka damƙa za ka ji yana cizon tafin hannu. A ce giram 20 ya tsaya a rariyar farko, 100 a ta biyu, 180 a ta uku, 250 a ta huɗu, 250 a ta biyar, 160 a ta shida, 40 kuma ya faɗa faranti. Kowace rariya ta samu rabonta, tsakiya ta fi yawa, gefe biyu sun yi kaɗan. Wannan shi ne yashi mai kyakkyawan jeri.

Na biyu rairayi ne mai laushi, irin wanda iska ke tarawa ko wanda ake kwashewa a bakin hanya bayan ruwan sama. Rariya biyu na sama ba su tare komai ba. Ta uku ta tare giram 10, ta huɗu 60, ta biyar 330, ta shida 480, faranti 120. Fiye da kashi tamanin cikin ɗari nasa ya taru a rariya biyu kacal. A ido yana da kyau, sumul kamar gari. A kankare kuwa matsala biyu yake kawowa: ƙwayoyinsa kusan kai ɗaya ne, don haka gurbinsa na da yawa, sannan ƙanana ne ƙwarai.

Wani Ba'amurke mai suna Duff Abrams, wanda ya yi dubban gwaje-gwaje a Cibiyar Lewis da ke Chicago ya kuma wallafa sakamakonsa a 1918, ya kawo hanyar taƙaita wannan tankaɗe a lamba ɗaya. Ana bin rariyoyin daga sama, a kowace a rubuta jimlar kashin da ya tsaya daga farko zuwa nan. A yashinmu na farko za a samu 2, 12, 30, 55, 80, 96. A tara su, 275 ke nan, a raba da ɗari, ya ba da 2.75. Na biyu zai ba da 0, 0, 1, 7, 40, 88, jimla 136, wato 1.36. Lambar tana hawa idan yashi ya yi kaushi, tana sauka idan ya yi laushi. Ƙa'idar Amurka ta yashin kankare ta ce lambar ta kasance tsakanin 2.3 da 3.1. Na farko ya shiga tsakiya, na biyu ko kusa bai zo ba.

Amfanin lambar a wurina shi ne tana nuna yadda za a gyara. A ce a garinku yashi iri biyu ake samu, ɗaya mai kaushi ainun da lambarsa ta kai 3.4, ɗaya kuma rairayin nan mai 1.4. Babu ɗaya da ya dace shi kaɗai. Amma kwano biyu na mai kaushi da kwano ɗaya na mai laushi za su ba da kimanin 2.7. Yashi biyu marasa kyau sun haifi mai kyau. Sai dai kada a dogara da lambar ita kaɗai, domin matsakaici ce: yashin da ke da manya da ƙanana ba tsakiya zai iya ba da lamba ɗaya da wanda ya jeru daidai. Dole a duba abin da kowace rariya ta tare.

Inda ƙarfin ke zubewa

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace. Rairayi ai dutse ne shi ma, ƙwayarsa ba ta fi ta yashin kogi rauni ba. To ta ina yake rage ƙarfin kankare?

Ta ƙishirwa. Ɗauki dutse ɗaya mai siffar sukarin kwali, kowane gefe milimita 20. Fatarsa, wato faɗin fuskokinsa shida, murabba'in milimita 2,400 ce. Yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace milimita ɗaya: za ka samu 8,000, fatarsu gaba ɗaya kuma 48,000. Nauyi bai canja ba, amma fatar da za a jiƙa ta ninka sau ashirin. Kowace ƙwaya a cikin kwaɓi sai ta samu rigar ruwa da siminti kafin ta iya zamewa a kan 'yar'uwarta. Yashi mai laushi fata ce tsagwaronta. Yana shanye kunun, kwaɓin ya yi tauri, shebur ya ƙi shiga.

Abin da ke biyo baya duk wanda ya tsaya a wurin zubin dakin ya san shi. Rana ta take, leburori na hawa da sauka da kwanon sarki a ka, mai kwaɓi ya ɗago ya ce, "Oga, kayan nan sun yi ƙarfi, a ƙaro ruwa." Ba wanda zai ce a ƙaro siminti, don siminti kuɗi ne, ruwa kuwa ga shi nan a duro. Sai a ƙara. Kwaɓin ya saki, aiki ya yi sauri, kowa ya ji daɗi.

Babban abin da Abrams ya tabbatar a 1918 shi ne cewa, in dai an daddale kankare sosai, ƙarfinsa yana bin yawan ruwa ne a kan yawan siminti. Siminti ba bushewa yake yi ba, haɗuwa yake yi da ruwa ya zama dutse, kuma ruwan da yake haɗiyewa a jikinsa bai wuce kimanin kwata na nauyinsa ba. Ana sa fiye da haka don a samu damar aiki. Amma rarar da ta yi yawa tana zaune a ciki ta riƙe wuri, daga baya ta ƙafe ta bar ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani. Ruwan da aka ƙara yau shi ne ramin gobe.

A sa lamba a kai. Da yashi mai kyau, buhu ɗaya zai iya kwaɓuwa lafiya da ruwa lita 27, wato jarka mai lita 25 da ɗan ƙari, har da ruwan da yashin ya zo da shi a jikinsa. Da rairayi, kafin a samu laushi iri ɗaya, ana iya kai wa lita 33. Lita shida kacal, ƙasa da rabin bokiti. Amma wannan bambanci yana iya cinye kimanin kwata na ƙarfin da kankaren zai yi a kwana 28, lokacin da ake matse samfurinsa a inji. Siminti ɗaya, birkila ɗaya, rana ɗaya. In ginin ya tsage sai a ce simintin zamani ba shi da kyau.

Wannan ne dalilin da ya sa tuddan yashin da ke arewacin Yobe da cikin Nijar, duk da yawansu, ba su ne abin da mai kankare ke nema ba. Iska ma'auniya ce mai tsanani: tana ɗaukar ƙwayar da ta iya ɗauka, ta bar mai nauyi, ta tafi da ƙura can nesa, abin da ta tara sai ya zama kai ɗaya. Kogi kuwa yau ya cika ya yi ƙarfi, gobe ya janye, don haka yana ajiye girma iri-iri. Ko a kogi ɗaya ma, irin Challawa ko Kaduna, yashin inda ruwa ke gudu ya fi na lungun da ruwa ke kwanciya kaushi da tsabta. Tifa biyu daga kogi ɗaya ba lallai su zama kaya ɗaya ba.

Matsewa ma tana da iyaka

Tun a 1907 wasu injiniyoyi biyu na Amurka, William Fuller da Sanford Thompson, suka nemi jerin girman da zai ba da haɗi mafi matsewa. Abin da aka taƙaita daga aikinsu shi ne `P = 100 × √(d/D)`, inda D ke nufin girman tsakuwa mafi girma, d idon rariya, P kuma kashin da ya kamata ya wuce ta. A sauƙaƙe: in babbar tsakuwarka milimita 20 ce, kimanin kashi 70 ya wuce rariyar 10, rabi ya wuce ta 5, kwata ya wuce ta 1.25. Duk lokacin da ido ya ragu zuwa kwata, abin da ke wucewa ya ragu zuwa rabi.

Tsari ne mai kyau, amma wanda ya bi matsewa ido rufe zai sha wuya. Haɗin da ya kulle kansa gaba ɗaya ba ya motsi. Kankare kuwa sai ya ratsa tsakanin rodi, ya shiga kusurwar katako, ya karɓi cokalin birkila. Don haka a aikace ana barin ƙananan ƙwayoyi su ɗan fi abin da cike gurbi kawai ke buƙata, su zama kamar man shafawa tsakanin manyan.

Kuskuren ɗaya gefen ke nan, kuma shi ma ana yinsa. Wanda ya ji an ce rairayi ba shi da kyau sai ya nemo yashi mafi kaushi, wanda kusan babu abin da ke wuce rariyar 0.3 a cikinsa. Irin wannan kwaɓi ba ya riƙe ruwansa. In aka zuba, tsakuwa ta nutse, ruwa ya taso ya kwanta a sama. Wani ruwan kuma a hanyarsa ta hawa sai ya maƙale a ƙarƙashin tsakuwa da ƙarƙashin rodi, ya bar rata daidai inda ake son kamu. Saman dakin ya zama ɓawo mai rauni da ke tashi ƙura in an share. Idan aka cire katakon ginshiƙi kuma sai a ga saƙar zuma, tsakuwa tsirara da ramuka a tsakani. Birkila zai yi sauri ya shafe kafin mai gida ya iso, amma shafe ba ya mayar da abin da ya tafi. Kowane kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da ta maƙale a kankare yana rage ƙarfinsa da kimanin kashi biyar. Kashi biyar ko shida na iska sun isa su tafi da kusan sulusin ƙarfin.

Akwai wata al'ada da nake gani a wuraren gini da ke ba ni takaici. Za a jingina ragar waya, yaro ya yi ta watsa yashi da shebur, abin da ya wuce a ɗauka, 'yan tsakuwoyin da suka zubo a gaba a watsar. In yashin shafe ake so, daidai ne. In na kankare ne, an zubar da mafi amfani, domin ƙwayoyin nan na milimita biyu zuwa biyar su ne gadar da ke tsakanin yashi da tsakuwa. Abin da ya kamata a tsince shi ne curin laka, itace, leda da saiwa.

Haka ma a wajen sayen tsakuwa. Ido yana son wadda ta zo kai ɗaya, tas-tas kamar an ƙirga, mai sayarwa ma da ita yake yabon kayansa. Amma mun ga abin da bokiti ya ce game da kai ɗaya. In ana da hali, a sayi iri biyu, mai milimita 20 da mai 10, a haɗa kimanin kwano biyu da ɗaya. Kwaɓin zai fi biyayya, yashin da zai nema kuma zai ragu.

Babbar tsakuwa tana rage fata, saboda haka tana rage ruwa da siminti, shi ya sa a manyan madatsun ruwa ake sa duwatsu har masu milimita 150. Gida ba madatsa ba ne. Ƙa'idar da aka saba ita ce tsakuwa kada ta wuce kashi uku cikin huɗu na ratar da ke tsakanin rodi da rodi, kada ta wuce sulusin kaurin dakin, kada kuma ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na wurin da ya fi matsi a cikin katako. In rodi biyu na da ratar milimita 30, mai 20 za ta wuce. Dutsen guduma mai girman ƙwan kaza zai tsaya a kai ya toshe hanya, ƙarƙashinsa ya zama rami.

Kwalba, gwangwani da tafin hannu

Mai gina ɗaki uku ba zai kai yashinsa ɗakin gwaji ba, na sani. Amma kafin tifa ta juye akwai abin da zai iya yi. Ya damƙi yashin da ɗan danshi ya murza: in ya ji girma daban-daban suna cizo, ya buɗe hannu yashin ya warwatse bai bar tabo ba, alama ce mai kyau. In ya dunƙule kamar fura ya bar ja ko baƙi a tafi, akwai laka.

Laka ita ce ƙarshen ƙanƙanta, kuma ba ta cikin jerin da muke so. Ƙishirwarta ta fi ta rairayi nesa, sannan tana manne wa jikin ƙwayoyi ta hana siminti kama su. A samu kwalba mai miƙaƙƙen jiki, a zuba yashi zuwa rabi, a ƙara ruwa da ɗan gishiri har ya haura shi sosai, a girgiza da ƙarfi, a ajiye awa uku. Yashi zai kwanta nan take, lakar ta sauko a hankali ta yi layi a samansa. A sa ruwula. In yashin ya kai santimita goma, lakar kuma ta doshi santimita ɗaya, ta wuce abin da ake yarda da shi a wannan gwaji. Sai a wanke yashin ko a mayar da shi.

Saura abu ɗaya da ke ɓata ma wanda ya sayi kaya masu kyau. Yashi mai danshi kumbura yake yi. Ruwa kaɗan, kamar kashi biyar cikin ɗari na nauyinsa, yana riƙe ƙwayoyin nesa da juna, yashin ya ƙara girma da kashi ashirin zuwa talatin, mai laushi ma fiye da haka. Busasshe ba ya yi, wanda ya nutse cikin ruwa ma ba ya yi. To mu da kwano muke awo, ba da sikeli ba. Kwano huɗu na yashin da aka ɗebo daga kogi jiya, ko wanda ruwan dare ya taɓa, a gaskiya uku ne da ɗan kai. Tsakuwa kuwa ba ta kumbura, takwas ɗinta na nan cif. Sai yashi ya kasa cike guraben, kwaɓi ya yi gautsi, a sake kiran ruwa.

Gwajinsa gwangwani ne mai miƙaƙƙen jiki. A zuba yashin yadda yake, ba dannawa, zuwa tsayin santimita 20. A juye shi a faranti, a sa ruwa a gwangwanin zuwa rabi, a mayar da yashin kaɗan-kaɗan ana motsawa da tsinke har ya kwanta. In ya tsaya a santimita 16, ya kumbura da kwata ke nan. A ranar, kowane buhu kwano biyar na yashi zai ci maimakon huɗu, ruwan jarka kuma a rage shi, tunda yashin ya riga ya zo da nasa. Gobe in rana ta buga tsibin ya bushe, a sake gwadawa kafin a fara.